Ido na Cin Rabon Kunne: Zaɓen Fim Daidai da Jin Ɗalibi a Diffa

A garin Diffa jin harshe fiye da ɗaya ba abin mamaki ba ne. Yaron da ya tashi a gidan Kanuri yakan shiga kasuwa ya yi ciniki da Hausa, ya zauna a aji malami ya karantar da shi da Faransanci, a hanya kuma ya ji Fulatanci da Tubanci da Larabci suna wucewa ta kunnensa. Ƙetaren kogin Komadugu ga Nijeriya, inda Ingilishi ne harshen hukuma, kuma tun da mutanen Damasak da kewayenta suka yi gudun hijira zuwa wannan gaɓar a ƙarshen 2014, ƙungiyoyin agaji suka cika gari, sai jin Ingilishi ya koma abin da ake tambaya wurin neman aiki. A watan Maris na 2025 kundin da ke jagorantar mulkin ƙasar Nijar ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, ya ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ɗalibin Diffa dai ya karanta Ingilishi tun daga ajin farko na kwaleji, sai dai mafi yawansa da ido ya karanta shi. Da ya ji Bature na magana a waya ko a rediyo, sai ya ga kamar ba harshen da ya yi shekara bakwai yana rubutawa ba ne.

Shawarar da aka saba ba irin wannan ɗalibi ita ce ya dinga kallon fina-finai. Shawara ce mai kyau da aka yanke mata rabi. Rabin da ya ɓace shi ne wane fim, kuma ta yaya mutum zai san cewa fim ɗin daidai da kunnensa yake. Galibin masu bin shawarar sukan auna kansu da tambaya ɗaya: na gane labarin? Wannan ma'auni ne mai ruɗi, kuma ƙasar Hausa tana da hujja a kansa wadda ta fi ta kowa tsawo. Tun shekarun 1950 ake nuna fina-finan Indiya a gidajen silima na arewacin Nijeriya, kamar yadda masanin al'adu Brian Larkin ya bayyana a bincikensa na Kano. Kakanni da iyaye da jikoki sun kalle su, sun yi kuka inda ake kuka, sun san wane ne mugu tun kafin ya buɗe baki. Amma in aka cire 'yan tsirarun da suka duƙufa har suka iya Indiyanci, sauran jama'a ba su fita da abin da ya wuce kalmomi 'yan ƙalilan ba. Fuskar ɗan wasa da kiɗa da sutura sun ɗauki nauyin labarin duka, kunne kuwa ya sami hutu. Abin da ke faruwa ke nan ga saurayin da ya kwana yana kallon fim ɗin faɗa na Amurka a wayarsa. Da safe zai ba da labarinsa tiryan-tiryan, amma a ce ya maimaita jumla ɗaya cikakkiya da ya ji, sai a ga ya yi shiru.

Saboda haka ra'ayin wannan maƙala shi ne, ba a zaɓen fim ɗin koyon sauraro da shahararsa, ko da cewa na yara ne, ko da cewa an fahimci labarinsa. Ana zaɓensa ne da ƙidaya, kuma ƙidayar ba ta wuce aikin rabin awa da biro da takarda ba.

Kafin a zo ga ƙidayar, ya kamata a san abin da ake ƙirgawa. A 2009 Stuart Webb da Michael Rodgers sun tattara rubutun maganganun fina-finan Ingilishi 318, suka lissafa kalmomin da ke ciki. Sun samu cewa wanda ya san dangin kalma 3,000 mafiya yawan aukuwa, haɗe da sunayen mutane da wurare, ya san kimanin kashi 95 cikin ɗari na abin da ake faɗa. Kafin ya kai kashi 98 sai ya san dangi 6,000. Abin da ake nufi da dangin kalma shi ne tushe da duk abin da aka tsiro daga gare shi, kamar yadda karanta da karatu da makaranta da makaranci suke gida ɗaya a Hausa. Kashi 95 na iya yi wa mutum kama da cin jarrabawa da yabo, amma a mayar da shi lokaci a gani. Hira ta yau da kullum a Ingilishi takan yi gudun kalma 200 ko sama da haka a minti. A kashi 95, kalma ɗaya cikin 20 baƙuwa ce, wato baƙuwa goma a minti, ɗaya a kowace daƙiƙa shida. A kashi 90 sun zama ashirin, ɗaya a kowace daƙiƙa uku. Mai karatu yana iya tsayawa a kan baƙuwar kalma ya juya ta. Mai sauraro ba shi da wannan dama, domin yana cikin tunanin ta farko ta biyu ta iso, ta uku na bin sawunta. Shi ya sa tazarar kashi biyar kacal take raba fim ɗin da ake koyo da shi da fim ɗin da ake kallo kawai.

A nan ne kuma zaton cewa katun na yara shi ne matakin farko yake rushewa. Paul Nation, a 2006, ya ƙirga kalmomin fim ɗin Shrek, ya samu cewa sai da dangin kalma wajen 7,000 ake kaiwa kashi 98. An yi fim ɗin ne don yaran da suka tashi cikin harshen, an kuma cusa masa barkwanci da habaici don iyayen da suka rako su. Yaron Amurka mai shekara takwas ya fi ɗalibin jami'ar da ya koyi Ingilishi a aji yawan kalmomin gida da na wasa da na zolaya nesa ba kusa ba.

To amma sanin kalma a takarda daban, gane ta a kunne daban, kuma a nan ne matsalar ɗalibin Diffa ta fi zurfi. Gaɓar Hausa ba ta yarda baƙaƙe biyu su haɗu a farkon kalma, shi ya sa aka tsarma wasula cikin kalmomin aro aka sami burodi da buroshi da sukuru. Mai magana da Hausa ya saba kowace gaɓa ta fito da wasalinta sarai, ɗauke da karin sautinta, sama ko ƙasa. Kanuri ma harshe ne mai karin sauti. Faransancin da malamai ke yi a aji kuwa a tsanake yake fita, gaɓa bi da gaɓa. Ingilishin Birtaniya da na Amurka ba haka suke tafiya ba. Sukan danna wasu gaɓoɓi da ƙarfi, su murƙushe waɗanda ke tsakani har wasalinsu ya kusa ɓacewa. Jumlar da za a gani a rubutun ƙasan fim kamar I should have told him, kalma biyar da ɗan aji biyu na kwaleji ya sani, a bakin ɗan wasa takan fito kusan “ashuda toldim”. Babu baƙuwar kalma a ciki, amma kunnen da ke jiran gaɓoɓi biyar tsayayyu ba zai same su ba. Bai kamata wannan ya zama abin al'ajabi ga Bahaushe ba, tun da shi ma “ya yi mini” yake rubutawa, “yai min” yake faɗa, kuma baƙon da ya koyi Hausa daga littafi haka yake ɗimaucewa a tashar mota.

Ke nan kuskuren sauraro iri biyu ne. Akwai kalmar da mutum bai sani ba ko da an rubuta masa ita, akwai kuma wadda ya sani sarai amma ta wuce shi a kunne. Maganinsu ba ɗaya ba ne, kuma gwajin zaɓen fim aikinsa shi ne ya raba su.

A ɗauki misalin wata ɗaliba mai karatun ilmin noma a Jami'ar Diffa, wadda ke son neman aiki a wani shirin noman rani da ake gudanarwa da Ingilishi. Ta je wurin masu tura fim a waya, an zuba mata fina-finai uku a katin ajiya. Abu na farko da za ta tabbatar shi ne muryar asali ce a ciki, domin da yawa daga fina-finan Amurka da ke yawo a Nijar an riga an ɗora musu muryar Faransanci, kamar yadda aka ɗora wa na Indiya muryar Hausa. Na biyu, ta samo rubutun ƙasan fim na Ingilishi, wanda yawanci yakan zo a ɗan ƙaramin fayil mai ƙarewa da .srt, kuma ana iya buɗe shi a karanta kamar wasiƙa. Sai ta tsallake buɗewar fim, ta nemi wurin da mutum biyu ke zaune suna magana, ta ware minti ɗaya. Ta kashe rubutun, ta kife wayar don kada ido ya yi wa kunne satar amsa, ta saurara sau biyu tana tsayarwa a ƙarshen kowace jumla, tana rubuta abin da ta ji kamar shifta. Bayan nan ta buɗe rubutun ta gwada. Duk kalmar da ta kuɓuce mata, in ba ta san ta ba ko a takarda ta ja mata layi, in ta san ta ta zagaye ta.

A ce fim na farko na 'yan sandan Amurka ne. Mintin yana da kalma 180, ta kama 110, saba'in sun kuɓuce. Cikin saba'in ɗin, 22 masu layi ne, 48 masu zagaye. Kalma 22 cikin 180 kusan ɗaya ce cikin takwas. Wannan fim ya fi ƙarfinta, kuma ko ta maimaita shi sau goma ba za ta ji abin da ba ta sani ba. Ta ajiye shi, ba don ta gaza ba, don lokacinsa bai yi ba. A ce na biyu na Nijeriya ne, mintin na da kalma 150, ta kama 118. Cikin 32 da suka kuɓuce, shida ne kawai masu layi, 26 masu zagaye. Shida cikin 150 ɗaya ce cikin 25, ta haye iyakar ɗaya cikin ashirin. Wannan shi ne fim ɗinta, kuma waɗannan 26 ɗin su ne darasinta, domin kalmomi ne da ta riga ta biya kuɗinsu a aji, abin da ya rage kunne ya karɓi kayansa. A ce a na uku kalma huɗu kawai ta rasa. Ba a yar da shi ba. Irinsa ake kallo daga farko zuwa ƙarshe ba tsayawa, don kunne ya saba da doguwar tafiya, sai dai ba shi ne zai ɗaga ta zuwa mataki na gaba ba.

Minti ɗaya na iya yin ƙarya, domin wurin gaisuwa ya fi wurin shari'a sauƙi ko a fim ɗaya. Gara a ɗebi uku, daga farko da tsakiya da kusa da ƙarshe. Kuma iyakar ɗaya cikin ashirin ba aya ba ce. Wanda ya san duniyar da labarin ke gudana a cikinta yana iya jure fiye da haka.

Wannan batu na sanin duniyar labari shi ya sa ya dace ɗalibin kwarin Komadugu ya fara da Ingilishin maƙwabta. Ingilishin Nijeriya yakan bai wa gaɓoɓi haƙƙinsu fiye da na Turai, wasulansa ba sa narkewa sosai, don haka kalmomi masu zagaye sukan ragu. Fim ɗin Lionheart na Genevieve Nnaji, wanda ya fito a 2018, misali ne mai kyau. Kusan dukkansa da Ingilishi aka yi shi, har ma a 2019 aka cire shi daga takarar Oscar ta fina-finan ƙasashen waje saboda wannan dalili, tun da Inyamurancin da ke ciki bai wuce minti 12 ba cikin 95. Abin da ya zame wa fim ɗin cikas a can shi ne amfaninsa a nan. Labarin kamfanin motocin haya ne, da bashi, da uba marar lafiya, da 'yar da ta ɗauki ragamar gida, da wani attajiri daga Kano da Sani Mu'azu ya fito a matsayinsa. Babu abin da ɗan Diffa zai tsaya tambayar ma'anarsa a wannan duniya, saboda haka hankalinsa duka yana kan sauti. Haka ma The Boy Who Harnessed the Wind na Chiwetel Ejiofor, na 2019, labarin fari da yunwa a Malawi da yaron da ya ƙera abin jawo ruwa daga rijiya zuwa gona. Wanda ya tashi yana ganin injin ban ruwa a gonakin tattasai na bakin Komadugu ya san abin da ke cin ran mutanen fim ɗin. Sai dai wani kaso babba na maganarsa da harshen Ciciwa ne, don haka wuraren Ingilishin kawai za a tsinta.

Akwai masu cewa wannan ɓata lokaci ne, wai wanda ya saba da Ingilishin Legas ko na Inugu zai sake komawa farko ranar da ya haɗu da mutumin Landan. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Zai sake yin aiki a kan sauti, ba zai sake yin aiki a kan ginin jumla da saurin fahimta ba, kuma waɗannan ne suka fi cin lokaci. Ban da haka, mai aikin agaji ko ɗan kasuwar da zai yi magana da shi a Diffa ya fi yiwuwa ya fito daga Maiduguri ko Nairobi a kan Landan. Akwai kuma masu kafa hujja da yaran Kanuri da suka goge a Hausa ta hanyar fina-finan Kano ba tare da wata ƙidaya ba. Waɗannan sun manta cewa yaran sun zo wa fim ɗin da Hausar kasuwa da ta unguwa a kunnensu. Gari ne ya riga ya kai su kashi 95 ɗin kafin su zauna kallo. Ingilishi ba shi da wannan gata a Diffa, shi ya sa sai an auna.

Da an sami fim ɗin da ya dace, sauran tambaya ita ce ta rubutun ƙasa, kuma nan ne ɗaliban Nijar suka fi faɗawa rami, domin rubutun Faransanci ya fi sauƙin samu kuma ya fi daɗin bi. A 2009 Holger Mitterer da James McQueen sun sa ɗalibai 'yan Holan kallon Ingilishin Sikotlan da na Ostireliya na minti 25. Wasu sun kalla da rubutun Ingilishi, wasu da na harshensu, wasu ba rubutu. Daga baya aka sa su maimaita guntayen maganganu daga bakin 'yan wasan, har da waɗanda ba su ji ba a lokacin kallo. Masu rubutun Ingilishi sun fi kowa gane sababbin maganganun. Masu rubutun harshensu kuwa, a kan sababbin, sun kasa kai ko waɗanda suka kalla ba rubutu. Dalilin a fili yake. Rubutun Ingilishi yana gaya wa kunne cewa wannan dunƙulen sautin da ya wuce kalma kaza ce, sai kunne ya gyara zatonsa. Rubutun wani harshe ma'ana kawai yake bayarwa, ya janye hankali daga sautin. Faransanci ba harshen uwa ba ne ga ɗan Diffa, amma shi ne harshen da idonsa ya fi saurin karantawa, don haka babu dalilin zaton zai yi masa wani aiki dabam.

Ko rubutun Ingilishin ma sanda ce, ba ƙafa ba. Ɗalibar nan za ta yanki wuri mai minti uku, ta saurara ba rubutu, ta sake da rubutu tana lura da inda kunnenta ya yaudare ta, ta sake ba rubutu. Kashegari, kafin ta shiga sabon wuri, ta kife waya ta saurari na jiya. In kalmomin da ta zagaye sun fito mata sarai, aiki ya kama. In sun sake nutsewa, ido ne ya haddace, sai ta ƙara zagaye ɗaya. Manhajar VLC na barin a rage gudu zuwa 0.75, kuma hakan na da amfani sau ɗaya a jumlar da ta gagara. Amma rage gudu ba ya dawo da wasalin da ɗan wasa bai furta ba, “ashuda” dai za a ji, a hankali kawai. Wanda ya mayar da shi al'ada yana horar da kunnensa a kan Ingilishin da ba wanda ke yi.

Ta wannan fuska fim mai dogon zango ya fi fim guda amfani. Muryoyi ɗaya ne ke dawowa, wurare ɗaya, kalmomin sana'a ɗaya, don haka baƙuwar kalmar kashi na farko ta zama 'yar gida a kashi na biyar, mutum yana hawa ba tare da ya sauya tsani ba. Ga wanda kuɗin data ke yi wa nauyi, kuma wutar lantarki ba ta da tabbas, zango ɗaya a katin ajiya ya ishe shi aikin wata biyu.

Lokacin sauya mataki kuwa takardar ce za ta faɗa, ba gajiya da fim ba. Bayan mako huɗu ko shida ɗalibar za ta ɗauki minti ɗaya daga wurin da ba ta taɓa kallo ba, ta sake shiftar. In masu zagaye sun sauko daga 26 zuwa ƙasa da goma, kunnenta ya gama da wannan karin harshe, sai ta nemi fim mai kalmomi masu sauƙi kamar na baya amma da bakin Birtaniya ko na Amurka, ta yarda cewa zagayen za su sake yawa. Abu ɗaya ake tsanantawa a lokaci guda, ko lafazi ko kalmomi. Fim ɗin 'yan sandan nan da ta ajiye yana da duka biyun, ga kuma ƙarar mota da bindiga a kan maganar, saboda haka ta bar shi a katin tukuna, ta sake gwada mintinsa bayan wata shida ta ga ko 22 ɗin nan sun sauko zuwa tara.